Na ci jarrabawa, takarduna suka kayar da ni

Assalamu alaikum. Ina da digiri a fannin tattalin arziki, na gama bautar ƙasa a 2019. Sau biyu ina neman aikin gwamnatin tarayya. Na farko ko sunana bai fito ba. Na biyu na ci jarrabawar kwamfuta, aka kira ni tantancewa, jami'in ya jujjuya takarduna bai fi minti uku ba ya ce in koma gefe, shi ke nan. A satifiket ɗina na WAEC an haife ni 12 ga Maris 1994, kuma ita ce gaskiya, amma a NIN an sa 1 ga Janairu 1996. Takardun makaranta da sunan mahaifina suke, NIN da sunan mijina. Mahaifina ɗan Funtuwa ne, a Kaduna aka haife ni, takardar asali kuma ta Katagum na kai, garin maigidana. Lissafi D7 na samu a WAEC ta 2011, C5 a NECO ta 2012. Yanzu wani ya ce in kawo naira 400,000 ya sa ni a gurbi ba tare da jarrabawa ba. In biya, ko akwai gyara?

Maman Halilu, Kaduna

Wa alaikumus salam, Maman Halilu. Akwai gyara, kuma kada ki biya.

Mu fara sallamar mai neman kuɗin nan don mu samu sararin magana. Cike fom na Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya, wato FCSC, kyauta ne. Wanda ya karɓi kuɗinki abu biyu kawai zai iya miƙo miki, ko dai uzuri har ki gaji da kira, ko kuma takardar kama aiki ta bogi, kuma ta biyun ta fi muni. A 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya bayyana cewa an gano sama da mutum dubu ɗaya masu riƙe da irin wannan takarda. Wasu sun fara zuwa ofis, sun saba da kujera, sannan aka cire su daga tsarin albashi. Bayan haka dokar ICPC ta 2000 ba mai karɓa kaɗai take kamawa ba, har da mai bayarwa. Ko da ma mutumin yana da hanyar gaske, fayil ɗinki zai je gaban masu shigar da sabbin ma'aikata tsarin albashi, kuma abin da ya tsayar da ke a baya yana nan daram a cikinsa.

Jami'in tantancewa ba ya karanta takardu kamar yadda kike tsammani. Yana da ɗaruruwan mutane a layi, don haka abu uku yake bi da yatsa daga takarda zuwa takarda: suna, ranar haihuwa, da ƙaramar hukuma. Idan sun zo ɗaya, sai ya duba cancanta. Idan sun saɓa, ba aikinsa ba ne ya gano wace ce gaskiya, kuma ba shi da lokacin jin bayani. A wurinsa fayil ɗinki ya nuna mata biyu, ɗaya 'yar 1994 mai sunan wani mutum, ɗaya 'yar 1996 mai sunan wani mutum dabam, daga jihar da ba ta dace da mace ta farkon ba. Aikin da ke gabanki shi ne ki mayar da matan nan biyu mace ɗaya, kuma akwai tsarin da ake bi, don in kika fara daga ƙarshe za ki biya kuɗi sau biyu.

Ranar haihuwa ita ce ta farko, don ita ce ta fi wahala. Ƙa'idar ita ce a gyara takarda mai gyaruwa ta bi wadda ba ta gyaruwa. WAEC ta daɗe da rufe ƙofar sauya ranar haihuwa a satifiket bayan an buga shi, kuma daga wannan ranar ce sauran takardun karatu suka samo tasu. Kin yi sa'a, wadda ba ta gyaruwar ita ce ta gaskiya. Saboda haka NIN ce za ta dawo 12 ga Maris 1994. Wannan 1 ga Janairun da kike gani sanannen abu ne, ranar da mai rajista yake dannawa idan yana sauri ko mutum ya ce bai tuna ba, kuma masu tantancewa sun san ta sarai.

Za a samu masu ce miki ki bar 1996 ɗin, ai ƙarin shekara biyu ne na aiki. Mu yi lissafin. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Da 1994 za ki ajiye aiki a 2054, da 1996 kuma a 2056. Don shekara biyu a can ƙarshe, za ki shiga da bayanin da satifiket ɗinki na sakandare yake ƙaryatawa, alhali ƙa'idojin aikin gwamnati sun sa yin ƙarya a takardu cikin manyan laifuffukan da ake kora a kansu. Ƙa'idojin sun kuma ce ranar haihuwar da aka rubuta wa ma'aikaci ranar da ya kama aiki ba a sauya ta har ya gama. Ga kuma jerin shekarunki. Da 1994 kin rubuta WAEC kina da 17, abin da babu mai ɗaga gira a kai. Da 1996 kina da 15 ke nan, kin gama firamare kina da tara ko goma, wanda ba ya gagara amma yakan jawo tambaya.

Matakan su ne waɗannan. Ki je babbar kotu ki yi rantsuwar shekaru a gaban kwamishinan rantsuwa. Ya fi ƙarfi idan mahaifi ko mahaifiya ko wani babba da ya san haihuwarki ne ya yi rantsuwar, don mutum ba ya shaidar ranar da aka haife shi. Ki karɓi rasit, ki tabbatar an buga hatimi. Da wannan takarda za ki nemi shaidar tabbatar da haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ake ba babban da ba a yi masa rajista yana jariri ba. Idan kuwa iyayenki sun yi miki rajista tun 1994 kuma takardar tana cikin wata tsohuwar akwati, ki tono ta, ta fi kowace rantsuwa daraja. Sai kin riƙe takardar Hukumar Ƙidaya a hannu sannan ki tunkari NIMC, hukumar da take ba da NIN, domin takardar suke nema kafin su taɓa ranar haihuwa. Ana yin gyaran a shafinsu na `selfservicemodification.nimc.gov.ng`, kuma kuɗin gyaran ranar haihuwa ya ninka na gyaran suna sau da yawa, don haka ki duba farashin da ke shafin a ranar. Abu ɗaya da yake kayar da mutane a nan shi ne buɗe asusun a kwamfutar shagon intanet. Asusun yana ɗaure da na'urar da aka buɗe shi a kai, in kika dawo gida kika gwada da wayarki sai ya ƙi buɗewa. Ki buɗe da wayarki ko kwamfutarki, kuma kada ki goge bayanan burauzar har a gama. Ki karanta abin da kika cike sau uku kafin ki tura, don ba gyara ba ne da ake yi ana maimaitawa.

Suna kuma hanya biyu gare shi. Ta farko, ki ci gaba da sunan maigida, ki haɗa takardar shaidar aure da rantsuwar sauya suna da shafin jaridar ƙasa da aka buga sanarwar a ciki, ki riƙa yawo da su ukun duk inda za ki kai takarda har ƙarshen aikinki. Hanya ce halattacciya, mata da yawa a kanta suke. Ta biyu, ki mayar da NIN sunan mahaifinki ta dace da firamare da WAEC da NECO da digiri da takardar bautar ƙasa. Takarda biyar a gefe ɗaya, ɗaya a gefe ɗaya, ai lissafin a fili yake. Ni ta biyun nake ba ki shawara, kuma babu dokar da ta tilasta wa matar aure ɗaukar sunan miji, a al'adarmu ma da addini sunan uba mace take amsawa. Sai dai ki zauna da maigida ki yi masa bayani tukuna, kada ya ga sabon silif ya ɗauka wata magana ce.

Ki lura da harafi da kuma jeri. Hauwa da Hauwa'u da Hawwa a kunnenmu suna ɗaya ne, a idon kwamfuta mutum uku ne. Haka Muhammad da Mohammed da Muhammed. Ki ɗauki yadda aka rubuta a digiri da WAEC ki mayar da shi ma'auni, ko da ba haka kika fi son rubutawa ba. Idan su kansu takardun makarantar sun ɗan bambanta da juna, rantsuwa ɗaya ta kotu da ta jero duk rubuce-rubucen ta ce na mutum ɗaya ne takan wadatar. A fom kuma, akwatin `Surname` sunan uba ko na dangi yake nufi, `First Name` naki na yanka. Mu da muka saba faɗin namu sunan da farko muna yawan juya su, kuma da yake shafukan ɗaukar aiki yanzu sukan jawo bayananki kai tsaye daga NIN, juyin yana fitowa nan take. Da an gama da NIN ki wuce banki a daidaita BVN, don da ita za a biya albashi. Ki kuma tabbatar layin wayar da ke haɗe da NIN yana hannunki yana aiki, za ki iya gwadawa ta danna `*346#` a kansa.

Yanzu maganar asali, inda nake ganin aka fi yi miki gurguwar shawara. Ƙa'idojin Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai ta Tarayya sun faɗa a sarari cewa a matakin tarayya matar aure tana ci gaba da amsa jiharta ta asali. Aure ba ya mayar da ke 'yar Bauci a wannan lissafin, haihuwa a Kaduna ma ita kaɗai ba ta mayar da ke 'yar Kaduna. Ɗan asalin ƙaramar hukuma a wurinsu shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wurin ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata, da sharaɗin kada mutum ya amsa fiye da ƙaramar hukuma ɗaya. Ke dai mafi tsabtar hanya gare ki ita ce Funtuwa, jihar Katsina. Ki duba abin da kika rubuta a JAMB da jami'a da bautar ƙasa, kusan tabbas Katsina ce, don lokacin kina gidanku.

Dalilin da ya sa ake tsananta wannan shi ne rabo. Ƙa'idar ta ce kowace jiha kada ta gaza kashi 2.5 cikin ɗari na ma'aikatan hukuma, kada ta wuce kashi 3, Abuja kuma kashi 1. A ce hukuma za ta ɗauki mutum 200, kusan biyar ko shida ke nan daga kowace jiha, ko da yake ana duba waɗanda suke ciki tun da, jihar da take da ƙaranci ta samu ƙari. Ma'ana, ba da duk Nijeriya kike takara ba, da 'yan jiharki kike yi. Kuma a ranar tantancewa, wanda ya shigo layin wata jiha da takardar da ba ta gamsar ba, gurbin wani ɗan jihar yake nema, shi ya sa ba a yi masa sassauci. Wani lokaci ma tambaya ake jefowa, wace gunduma, wane ne hakiminku, wace unguwa gidanku yake.

Don karɓar takardar, a je sakatariyar ƙaramar hukumar Funtuwa da wasiƙar gabatarwa daga mai unguwa ko dagaci ko hakimin inda gidan kakanninki yake, da hotunan fasfo, da silif ɗin NIN da aka gyara. Idan mahaifinki yana da tasa takardar, a tafi da kwafinta, tana gajarta magana. Kafin ki bar wurin ki duba sa hannun shugaban ƙaramar hukuma ko sakatare, da hatimi, da kwanan wata, da rubutun sunanki harafi bayan harafi. Kada ki aika wani ya karɓo miki a bakin ƙofar sakatariya, don takardar da ba ta cikin rajista ba ta da maraba da ta bogi. Ta Katagum kuma ki ajiye ta a gida, kada ta sake shiga fayil.

Da yiwuwa Lissafin nan ne ya hana sunanki fitowa a karon farko. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 an haye amma ba kiredit ba ne. Yawancin sanarwar ɗaukar aiki suna neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama da bai wuce biyu ba, kuma WAEC ta 2011 da NECO ta 2012 zama biyu ne cif, kin cika sharaɗi. Amma idan shafin ya ba da gurbi ɗaya na ɗora sakamakon sakandare kika ɗora WAEC kaɗai, mai dubawa D7 ya gani. A irin wannan ki haɗa satifiket biyun su zama PDF guda mai shafi biyu. Ki kuma buɗe shi bayan an matse girmansa, don masu shago sukan matse takarda har C5 da C6 su daina bambanta, lambar jarrabawa ta dushe.

Sai ki zaɓi ƙofar da ta dace da ke. Kurtun ɗan sanda iyakarsa shekara 25, wannan ya wuce. Hukumar CDCFIB, mai ɗaukar ma'aikatan shige da fice da gyaran hali da kashe gobara da sibil difens, a sanarwarta ta 2025 ta sa shekara 18 zuwa 35, da tsayin da bai gaza mita 1.60 ga mace ba, 1.65 ga namiji, kuma hukuma ɗaya kawai ake nema cikin huɗun. Da 1994 kina ciki har zuwa 2029. Aikin farar hula ya fi faɗi, ƙa'idojinsa sun ba da dama daga 18 har 50, sai dai idan sanarwar wani gurbi ta rage. FCSC ce take ɗauka daga mataki na 07 zuwa sama, mai digiri kuma a mataki na 08 yake shiga.

Abin da ake kuskurewa a nan shi ne sunan muƙami. Kowane muƙami yana da fannonin karatun da aka jera masa a kundin tsarin aiki, kuma da wannan jerin ake tace fom kafin a kai ga jarrabawa. Digirin tattalin arziki ya dace da irin su `Planning Officer II` da `Administrative Officer II`. Bai dace da akanta ba, ko da kin iya aikin, don can digirin akanta ko takardar ƙwarewa ake nema. A sanarwar FCSC ta farkon 2025, wadda aka cike a `recruitment.fedcivilservice.gov.ng`, muƙami ɗaya aka yarda mutum ya nema. Masu buɗe asusu biyu da imel biyu don ƙara sa'a suna manta cewa NIN ɗaya gare su, kuma da ita ake gane su a soke duka biyun. Adireshin shafin ma ki karanta shi da kyau. Na gwamnati yana ƙarewa da `.gov.ng`, duk wanda ya ƙare da wani abu dabam kuma ya nemi kuɗi ko lambar katin banki, ki rufe shi.

Ki cike fom ɗin da imel ɗinki da lambar wayarki. Mai shago yakan sa nasa don sauri, gayyatar jarrabawa ta je can ta kwanta har ranar ta wuce. Da kin tura, ki buga silif ɗin shaida kwafi biyu, ki ɗauki hotonsa a waya, ki rubuta kalmar sirrin a takarda.

Jarrabawa kin taɓa ci, don haka ba zan daɗe a kanta ba, sai dai in tuna miki cewa ci bai isa ba idan mutum biyar ko shida ake nema daga jiharki, maki mai tsawo ake so. Galibi Turanci ne da lissafi mai sauƙi da al'amuran ƙasa, wani lokaci da tambayoyin fannin da aka nema. Abin da yake cin mutane lokaci ne. Da an buɗe allo ki raba mintuna da yawan tambayoyi. A ce tambaya 50 ce cikin minti 30, daƙiƙa 36 ke nan kowace ɗaya. Ki bi su zagaye biyu, na farko ki amsa duk wadda kika sani nan take ki tsallake masu jan lokaci, na biyu ki dawo kansu. Idan umarnin bai ce ana cire maki kan kuskure ba, kada ki bar ko ɗaya babu amsa. Idan a cibiyar JAMB aka yi da tsarinsu, madannai sun fi linzami sauri: A, B, C, D na zaɓin amsa, N na gaba, P na baya, S kuma na miƙawa, wanda bai kamata yatsa ya kusance shi ba sai kin gama. Idan kuwa daga nesa aka ce a rubuta da kyamara a kunne, ki gwada na'urar da intanet ɗin tun jajibiri, ki zauna ke kaɗai a ɗaki mai haske, don shigowar yaro ko fita daga shafin na iya zama dalilin soke jarrabawar.

Lissafinsu tarko ne fiye da wahala. Misali, kaya na naira 80,000 an ƙara masa kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 15, nawa ya koma? Mai sauri zai zaɓi 80,000, kuma za ki same ta a cikin zaɓin tana jira. Ƙarin ya kai shi 92,000, ragin kuma daga 92,000 ake cire shi, wato 13,800, saura 78,200. Ki yi irin waɗannan goma kullum da agogo a gabanki, ba tare da na'urar lissafi ba. A ɓangaren ƙasa, bayan jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, ki san gidan da kike neman shiga. Ki iya bambance Shugaban Ma'aikatan Tarayya da shugaban FCSC da Sakataren Gwamnatin Tarayya, ofisoshi uku ne dabam. Ki san cewa sabon ma'aikaci yana shekara biyu a gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma daga mataki na 07 zuwa 14 sai an shekara uku a mataki kafin a nemi ƙarin girma. Sunayen masu riƙe da muƙamai kuwa daga labaran makon za ki ɗauko su, don littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a bakin titi suna ɗauke da ministocin da suka daɗe da sauka.

Duk gyaran nan ki fara shi yanzu, kada ki jira sai sanarwa ta fito. Shafin ɗaukar aiki makonni kaɗan yake yi a buɗe, gyaran NIN kuwa ba ya da ranar da za a ce ya fito, kuma in kika cike fom kafin ya fito tsohon bayanin ne zai hau. Cikin wannan jiran ki karɓo ainihin satifiket ɗin digiri idan har yanzu takardar sakamako ta wucin gadi kike riƙe da ita, don wadda ta shekara bakwai ko takwas ba kowa yake karɓa ba. Ki nemo ta firamare, wadda kowa yake rainawa har sai an tambaya, FCSC kuwa ta sa ta cikin abin da ake ɗorawa. Idan ta ɓace, a koma makarantar ko hukumar ilimi ta ƙaramar hukumar da makarantar take a nemi shaida, a haɗa da rantsuwar ɓacewa. Takardar bautar ƙasa ba ta da madadi, dokar NYSC ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya nemi ta kammalawa ko ta yafewa daga duk mai digiri, don haka ki adana taki inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Takardar lafiya kaɗai ce za ki bari sai an kira ki, daga asibitin gwamnati, don ana duba kwanan watanta.

Ranar tantancewa ki bi abin da takardar gayyata ta ce game da kalar fayil da yawan hotuna da sutura, ko da kin ga kamar ƙaramin abu ne. Ki riƙe fayil biyu, ɗaya na ainihin takardu, ɗaya na kwafi, da saiti ɗaya na kwafi a jaka don ko ta kwana, kuma jerin cikinsu ya zama iri ɗaya. A sama silif ɗin neman aiki da gayyata, sai silif ɗin NIN sabo, sai takardar haihuwa da rantsuwarta, sai takardar Funtuwa, sannan karatu daga firamare zuwa WAEC da NECO a manne da juna, zuwa digiri, zuwa bautar ƙasa. Takardar aure da rantsuwar suna su zauna a can ƙasa, ki fito da su idan an tambaya kawai. Ainihin takardu a gabanki za a duba su a mayar miki, ki ƙirga su kafin ki tashi daga teburin.

Daren da za ki tafi, ki shimfiɗa su duka a tabarma, ki ba maigida ko wata ƙawa da ba ta san labarin ba, ki ce ta bi suna da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma da yatsa daga ta farko har ta ƙarshe, ta faɗa miki duk inda yatsan ya tsaya.